Wa Ya Amince? Nazari a Kan Izinin Masu Cutar Mantuwa a Binciken Magani

Gabatarwa

A shekarar 1963, a wani asibitin tsofaffi da masu doguwar jinya da ke Brooklyn a birnin New York, wanda a lokacin ake kira Jewish Chronic Disease Hospital, an yi wa marasa lafiya 22 allurar ƙwayoyin kansa masu rai a ƙarƙashin fata. Likitan da ya tsara aikin, Chester Southam, yana son ya ga yadda jikin da ya raunana yake yaƙar waɗannan ƙwayoyi. Ba a faɗa wa tsofaffin cewa na kansa ne ba, kuma wasu daga cikinsu sun riga sun ruɗe, ko da an faɗa musu ba lallai su gane ba. Wasu matasan likitoci uku suka ƙi sa hannu a aikin, suka ajiye muƙamansu, daga nan magana ta fito fili.

Wannan ɓarna ce a sarari, ba ta buƙatar dogon nazari. Abin da ke buƙatar nazari shi ne halin da mai bincike na ƙwarai yake samun kansa a ciki. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun sanya yardar mutum da kansa a matsayin sharaɗin da ba a tsallakewa. Idan aka bi wannan sau da ƙafa, ba za a taɓa gwada magani a kan wanda cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa ba, alhali babu yadda za a san amfanin maganin sai a jikin masu cutar. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta buɗe ƙofa da cewa waliyyi na iya amincewa a madadin wanda ba zai iya ba. Tun daga lokacin ake ta kai kawo a kan tambayoyi uku: ta yaya ake gane mutum ya kasa yanke wa kansa hukunci, wa zai tsaya masa, kuma ina ikon wannan wakili ya tsaya? Wannan nazari zai bi tambayoyin ta cikin gwaji guda na gaske, domin a ga yadda suke a aikace.

Gwajin da aka ɗauka a matsayin ma'auni

Gwajin shi ne Clarity AD, wanda aka yi a kan maganin lekanemab, aka bayyana sakamakonsa a ƙarshen 2022. Maganin yana share wani sinadari mai suna amiloid da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wadda ita ce ta fi yawa a cikin cututtukan mantuwa. Mutum 1,795 ne suka shiga, dukkansu cutar ba ta yi nisa a jikinsu ba. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi suna karɓar maganin ta ƙarin ruwa a jijiya kowane mako biyu, rabi kuma suna karɓar ruwan da babu magani a cikinsa. Daga mara lafiya har likitan da ke duba shi babu wanda ya san gidan da ya faɗa. Haka aka yi ta yi har wata 18.

A ƙarshe, maganin bai warkar da kowa ba. Duka gidajen biyu sun ci gaba da raguwa, sai dai masu karɓar maganin sun ragu a hankali: a ma'aunin da ke da maki 18, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin maki ba. A ɗaya ɓangaren kuma, kusan 13 cikin 100 na masu karɓar maganin sun sami kumburi a ƙwaƙwalwa, kusan 17 cikin 100 sun sami ɗigon jini a cikinta. Yawanci hoton MRI ne kawai ya nuna hakan, mutum bai ji komai ba. Amma ba koyaushe ba. A zangon da ya biyo baya, lokacin da aka fara ba kowa maganin, wata mata mai shekara 65 ta sami alamun shanyewar ɓarin jiki, aka ba ta maganin narkar da gudan jini kamar yadda aka saba, sai jini ya ɓalle a wurare da dama a ƙwaƙwalwarta, ta rasu.

Abubuwa biyu ne suka sa wannan gwaji ya dace da nazarinmu. Na farko, haɗarinsa na gaske ne, amfaninsa ga mai shiga kuma ƙanƙani ne, rabin mutanen ma ba su karɓi maganin ba. Na biyu, wata 18 lokaci ne mai tsawo ga mai Alzheimer. Wanda ya sa hannu a takarda da cikakken hankalinsa a watan farko, zai iya kaiwa wata na 14 bai tuna ya taɓa sa hannu ba.

Yadda ake auna ikon amincewa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka sunan cutar ya gama magana: tunda likita ya ce mantuwa ce, ai sai a nemi ɗansa ya sa hannu. Kuskure na biyu kishiyarsa ne. Tsoho ya gaisa da kyau, ya tambayi iyali, ya yi raha, sai a ce lafiyarsa ƙalau. Ladabin gaisuwa yana daga cikin abubuwan da suke daɗewa ba su gushe ba, don haka ba hujja ba ne. Shi ma gwajin nan mai maki 30 da ake kira MMSE, inda ake tambayar kwanan wata da lissafi da tuna kalmomi uku, yana nuna nisan cutar ne kawai. A tsakiyar ma'aunin akan sami mutum biyu masu maki ɗaya, ɗaya ya iya yanke hukunci, ɗaya ya kasa.

Abin da masana suka fi dogara da shi ya fito ne daga aikin Paul Appelbaum da Thomas Grisso, waɗanda suka rarraba ikon amincewa zuwa abu huɗu, suka kuma fitar da tsarin tambayoyi na masu bincike mai suna MacCAT-CR a 2001. Bari mu bi su ta hanyar misali. A ɗauka wata tsohuwar malamar makaranta ce mai shekara 70, ta zo cibiyar gwajin da ɗiyarta, makinta 24 cikin 30.

Abu na farko fahimta ce. Ma'aikaciyar bincike ba za ta karanta takarda mai shafuka da yawa ta ce "kin gane?" ba, domin kowa zai ce e. Tana yanko bayanin ƙanana ƙanana, bayan kowane yanki ta ce, "Malama, maimaita mini da bakinki abin da na faɗa." Malamar ta ce za a riƙa yi mata ƙarin ruwa duk mako biyu, za a ɗauki hoton kanta, kuma ƙwaƙwalwa na iya kumbura. Ta manta da maganar ƙuri'a. Aka sake yi mata bayani, ta kama. Wannan ba faɗuwa ba ce. Dokar Ingila da Wales ta 2005 a kan ikon yanke hukunci ta faɗa a sarari cewa riƙe bayani na ɗan lokaci ya wadatar, in dai ya kai mutum ya yi amfani da shi wajen yanke shawara.

Abu na biyu ya fi wuya, shi ne mutum ya gane cewa maganar da ake yi tasa ce. Aka tambaye ta, "A ganinki, me ya sa aka gayyace ki?" Idan ta ce saboda tana da ciwon mantuwa kuma ana son a san ko maganin yana aiki, ta haye. Idan kuwa ta ce ita lafiyarta lau, ɗiyarta ce ke da damuwa, to akwai matsala, domin cutar kanta tana ɗauke wa wasu sanin cewa ba su da lafiya. Akwai kuma wata amsa da ta fi yaudara: "Likitana ba zai bar ni a gidan ruwan banza ba, ya san halin da nake ciki." Wannan shi ne ruɗanin da Appelbaum da abokan aikinsa suka bayyana tun 1982, inda mai shiga bincike yake ɗaukar gwaji a matsayin jinya da aka tsara dominsa. Masu cikakken hankali ma suna faɗawa cikinsa, don haka sai an yi bayani an sake tambaya kafin a ce cutar ce ta jawo.

Abu na uku shi ne auna dalilai. "Idan kika shiga, me zai canza a rayuwarki? Idan ba ki shiga ba fa?" Ana son a ji ta haɗa abu da abu: zuwa asibiti sau biyu a wata zai ci ranakun aikin ɗiyarta, tana tsoron zubar jini, amma tana da jikoki kuma mahaifiyarta da wannan ciwo ta rasu. Ba a auna ko zaɓinta ya yi wa likita daɗi. Ana duba ko hukuncin ya fito daga dalilan da ta kawo. Abu na huɗu shi ne ta furta zaɓi kuma ta tsaya a kansa. Wadda ta ce e da hantsi, a'a da azahar, e da la'asar, ba tare da wani sabon dalili ba, ba ta zaɓa ba tukuna.

Lokacin da aka yi tambayoyin ma yana da tasiri. Da yawa daga cikin masu cutar sun fi natsuwa da safe, ruɗewa takan ƙaru da yamma. Ciwon mafitsara, rashin barci, maganin sa barci, ko kunnen da ba ya ji sosai, kowannensu na iya kayar da wanda da zai haye. Wajibi ne a kawar da waɗannan kafin a yanke cewa mutum ya kasa. Sannan tsarin tambayoyin ba shi da maki guda da aka ce daga nan an ci. Gwargwadon haɗarin bincike, gwargwadon tsananin da ake yi. Fahimtar da ta isa a yi hira da mutum a kan abincinsa ba ta isa a ɗura masa maganin da ka iya fasa jijiyar ƙwaƙwalwa ba.

Wakili da iyakarsa

A 2011, Scott Kim da abokan aikinsa a Amurka suka buga wani bincike da ya sauya yadda ake kallon lamarin. Sun yi hira da masu Alzheimer 188, suka sa ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa su yanke hukunci a kan kowane mutum. Kusan 16 cikin 100 ne kawai aka ga za su iya amincewa da gwajin da ya ƙunshi tiyatar ƙwaƙwalwa. Kusan 41 cikin 100 za su iya amincewa da gwajin magani. Amma kusan 62 cikin 100 suna da ikon su naɗa wanda zai wakilce su. Ma'anar wannan ita ce, sanin wanda ka yarda da shi yana daɗewa fiye da sanin ƙuri'a da kaso cikin ɗari. Saboda haka ranar da malamar nan ta sa hannu ita ce ranar da ya kamata a tambaye ta wa take so ya tsaya mata idan ta kasa, a rubuta sunansa, a kuma sa su zauna su tattauna abin da za ta jure da abin da ba za ta jure ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wakilin kuma ba ra'ayinsa ake nema ba. Tsarin da aka fi yarda da shi mataki uku ne: a fara da abin da mutumin ya faɗa ko ya rubuta tun yana da iko, in babu, a kintaci abin da zai zaɓa bisa halinsa da aƙidarsa, in shi ma ya gagara, a duba maslaharsa. Mataki na biyu yana da rauni da aka auna. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike 16 ya nuna cewa wakilai suna dacewa da zaɓin marasa lafiyarsu a kusan 68 cikin 100 na lokuta, wato suna kuskure sau ɗaya cikin uku, kuma a kan jinya ne aka yi wannan awo, abin da iyali suka fi sani fiye da bincike. Mataki na uku kuwa ya fi dacewa da jinya. A gwaji irin na lekanemab da wuya a rantse cewa shiga maslahar mara lafiya ce, tunda ba a san ko maganin yana aiki ba, kuma ƙuri'a na iya kai shi gidan da babu magani.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato wakili yana da tasa buƙatar. Ɗiyar da ta shekara uku tana wanka da ciyarwa da gadin ƙofa da dare tana iya ganin gwajin a matsayin igiyar ƙarshe da za ta kama. Wata kuma za ta ƙi, domin ita ce za ta ɗauki nauyin zirga-zirga kusan sau 39. Babu mugunta a cikin ko ɗaya, amma ba muryar uwar ba ce. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, gwaje-gwajen mantuwa suna buƙatar abokin rakiya da zai riƙa ba da rahoton yadda mara lafiya yake a gida, kuma sau da yawa shi ne wakilin. Mutum guda ya zama mai jinya, mai ba da shaida, kuma mai ba da izini. Mai bincike mai lura yakan canza tambayar. Maimakon "kin yarda Mama ta shiga?", sai ya ce, "da Mama ta shekara goma da suka wuce tana zaune a nan, me za ta ce?"

Saboda wannan rauni ne dokoki ba su bar komai a hannun wakili ba. Dokar 2005 ta Ingila da Wales ta gindaya wa binciken kansa sharuɗɗa: dole ya shafi ciwon da ya raba mutumin da ikonsa, dole ya zama ba za a iya yin sa daidai a kan masu iko ba, kuma idan babu amfanin da ake sa ran zai kai ga mutumin, haɗarin ya zama ɗan kaɗan ƙwarai. Ɗan uwan da aka tuntuɓa shawara yake bayarwa a kan abin da mutumin zai so. Gwajin magunguna yana ƙarƙashin wata doka ta daban ta 2004, inda wakili ke ba da izini na doka. A Amurka kuma dokar tarayya ta ambaci wakili, amma ta bar wa kowace jiha ta fayyace ko wane ne.

Wata na goma sha huɗu

Mu koma ga malamar. Ta sa hannu da kanta, ta naɗa ɗiyarta. A wata na 14 ta zo ƙarin ruwa, aka ɗaura mata roba a dantse, sai ta janye hannu ta naɗe shi a ƙirji. Ta ce, "Ku kai ni gida, yara sun kusa tasowa daga makaranta." Ɗiyar ta ce, "Mama, ke fa kika ce a yi." Ta juya ga ma'aikaciyar ta ce a ci gaba kawai, in aka jima za ta manta.

A nan ne tsohuwar muhawarar Ronald Dworkin da Rebecca Dresser take sauka ƙasa. Dworkin, a littafinsa na 1993, ya tafi a kan cewa burin da mutum ya gina rayuwarsa a kai yana da cikakken hankali shi ya cancanci a bi. Dresser ta mayar masa da cewa wadda ke zaune a kujerar yau ita ce take jin zafin allurar, kuma ba ta san alƙawarin da waccan ta ɗauka ba. A fagen bincike, ƙa'idoji sun rinjaya wajen Dresser ta fuska guda: a'a ta yau tana rushe e ta jiya, kuma tana rushe e ta wakili. Sanarwar Helsinki ta ce a girmama ƙin wanda ba shi da ikon amincewa. Dokar 2005 ta hana a yi wa mutum abin da ya nuna alamar yana ƙi, ko da ta hanyar turjiya ce ba da baki ba, sai dai abin da ake yi don kare shi daga cutarwa. Dalilin a fili yake. A jinya akan lallaɓa mutum ya karɓi abin da ba ya so domin lafiyarsa, amma a bincike ribar ta wasu ce.

Wannan bai nuna cewa janye hannu sau ɗaya ya kawo ƙarshen komai ba. Aikin ma'aikaciyar shi ne ta kwance robar, ta nemi dalili. Wataƙila fitsari ne ya matse ta, ko ɗakin ya yi sanyi, ko baƙuwar fuska ce ta tsorata ta. Sabuwar ruɗewa a irin wannan gwaji tana iya zama alamar kumburin ƙwaƙwalwa, don haka a sanar da likita a duba ko ana buƙatar hoto. Idan aka huta, aka sake gwadawa cikin lumana a wata rana da safe, ta miƙa hannu da kanta, sai a ci gaba da izinin ɗiyar da yardar uwar. Idan ta sake ƙi, an gama. Abin da ba ya halatta shi ne a riƙe ta, ko a ba ta maganin kwantar da hankali don a samu a yi, ko a jira ta manta. Wata mai bincike, Jan Dewing, ta kira irin wannan tsari amincewa mai tafiya: izinin da ake sabuntawa a kowace haɗuwa, ana karanta fuska da jiki kamar yadda ake sauraron baki.

Idan binciken ya zo ƙasar Hausa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da 60 cikin 100 na masu cutar mantuwa suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, don haka irin wannan bincike zai ƙara matsowa kusa. Abu biyu za su buƙaci gyara. Na farko kayan awo. Tambayar kwanan watan Bature da cire bakwai daga ɗari za ta kayar da tsohuwar da ba ta yi boko ba ko da ƙwaƙwalwarta garau take. Masu binciken cutar mantuwa na Ibadan da Indianapolis, da suka fara aiki a farkon shekarun 1990, sun yi amfani da tambayoyin da aka daidaita da rayuwar mutanen, suka haɗa da hira da ɗan gida, saboda wannan dalili.

Na biyu shi ne wa zai zama wakili. A gidajenmu babban ɗa ko ƙanen uba ne ake jira ya yi magana, amma wadda ta san abin da ke sa Inna kuka da abin da ke sa ta dariya sau da yawa ɗiya ce ko suruka. Mai sa hannu daban, mai sani daban. Mai bincike ba zai tsallake babban gida ba, amma bai kamata ya rubuta izini ba tare da ya zauna da mai jinyar ba. Ga kuma kunya da kara: tsoho zai ce wa likita "to" don girmamawa, ba don ya yarda ba. Fiƙihun Musulunci ya riga ya shimfiɗa tubalin da za a ɗora wannan magana a kai, domin ya san mai taɓin hankalin da ke zuwa yana tafiya, ya inganta abin da ya ƙulla a lokacin farfaɗowarsa, ya kuma ɗaure ikon waliyyi da maslahar wanda yake riƙo.

Kammalawa

Abin da gwajin lekanemab ya nuna shi ne, takardar izini tana ɗaukar hoton rana ɗaya ce, cutar kuwa tafiya take yi. Tsarin da zai iya riƙe amana yana auna iko a kan hukuncin da ke gaba da kuma girman haɗarinsa, yana sa mutum ya zaɓi wakilinsa tun yana iyawa, yana sake awo a tsakiyar tafiya, musamman idan sabon haɗari ya bayyana ko za a shiga sabon zango. Akwai tambayar da har yanzu ba a daidaita a kanta ba: yawan haɗarin da wakili zai iya ɗaukar wa wanda bai taɓa faɗin ra'ayinsa a kan bincike ba. Amma a kan malamar da ta naɗe hannunta a ƙirji, ƙa'idojin sun yi magana da murya ɗaya. Ɗiyarta na da ikon ta ce e a madadinta a ranar da ta yi shiru. A ranar da ta ce a kai ta gida kuma ta tsaya a kan haka, gida za a kai ta.